Littafin aiki: matiriks ɗin inuwa a kan ƙaramin fili

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Aikin kashi biyu ne: rubuta darasi a kan matiriks ɗin inuwa, da ɗan kod na Python mai lissafa shi ba tare da ya yaudari mai amfani da shi ba. Mun tsayar da kalmomi tun yau don kada su riƙa canjawa a tsakiyar rubutu. Inuwa ita ce furojakshan. Ƙaramin fili shi ne layi ko shimfiɗa da ta ratsa ta sifili, ko makamancinsu a fili mai fuskoki da yawa. Layukan tsaye na matiriks ginshiƙai ne, na kwance kuma jeri. Aᵀ juyin A ne. Idan muka ce bekta tana tsaye cak a kan wata, muna nufin kusurwar da ke tsakaninsu digiri 90 ce, wato ninkinsu na ɗigo sifili ne.

Mun zaɓi kalmar inuwa da sharaɗi: inuwar tsakar rana ake nufi, lokacin da haske ke sauka kai tsaye daga bisa. Inuwar la'asar, wadda ke miƙewa gefe har ta fi mai ita tsawo, ita ma tana da matiriks ɗinta, amma ba ita ce abin nema ba.

An fara da layi. Ga bekta a, ga kuma b wadda ba ta kan layin a. Ana neman wuri p a kan layin da ya fi kowane kusa da b. Tunda p yana kan layin, p = x·a ne, x kuwa lamba ɗaya ce. Ragowar ita ce e = b − x·a, kuma wurin da ya fi kusa shi ne inda ragowar ta tsaya cak a kan a. Daga nan sai a bi:

```
aᵀ(b − x a) = 0
x = aᵀb / aᵀa
p = a x = (a aᵀ / aᵀa) b
P = a aᵀ / aᵀa
```

Misalin da muka sa a darasin: a = (1, 2, 2), b = (4, 1, 6). A nan aᵀa = 9, aᵀb = 18, don haka x = 2, p = (2, 4, 4), e = (2, −3, 2). Dubawa: 2 − 6 + 4 = 0. Matiriks ɗin kansa shi ne 1/9 sau [[1, 2, 2], [2, 4, 4], [2, 4, 4]]. Duk ginshiƙansa uku ninkin a ne, shi ya sa duk abin da aka ba shi a kan layin a yake ajiye shi.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne bambancin a aᵀ da aᵀa. Na farko matiriks ne mai jeri 3 da ginshiƙi 3, na biyu lamba ce ɗaya tak. Wanda ya ɗauka ɗaya suke zai soke sama da ƙasa ya samu 1. NumPy ma tana taya mutum wannan kuskuren, domin `.T` ba ya yin komai a kan bektar da ba a ajiye ta a matsayin jeri ko ginshiƙi ba:

```python
a = np.array([1., 2., 2.])
a @ a.T / (a.T @ a)        # 1.0
np.outer(a, a) / (a @ a)
```

Layi na biyu ba ya kawo ƙorafi ko kaɗan, 1.0 kawai yake bayarwa. Na uku ne daidai.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Yau an fitar da fomula ta gaba ɗaya. A yana da jeri m da ginshiƙai n, kuma ƙaramin filin shi ne duk abin da za a iya haɗawa daga ginshiƙan nan. Kowane wuri a cikinsa ana iya rubuta shi Ax, inda x yanzu bekta ce mai lambobi n. Sharaɗin bai canja ba: ragowar e = b − Ax ta tsaya cak a kan filin. Ba sai an gwada ta da kowace bekta ta filin ba, ya isa ta tsaya cak a kan kowane ginshiƙi, tunda sauran duk daga gare su aka haɗa su. Ninkin ɗigo na e da ginshiƙai n ɗin, idan aka jera su wuri ɗaya, shi ne Aᵀe.

```
Aᵀ(b − A x) = 0
AᵀA x = Aᵀb
x = (AᵀA)⁻¹ Aᵀ b
p = A (AᵀA)⁻¹ Aᵀ b
P = A (AᵀA)⁻¹ Aᵀ
```

A daftarin farko mun ce kawai "wuri mafi kusa shi ne inda ragowar ta tsaya cak", kamar abu ne da ba ya buƙatar hujja. A kan layi ido yana gani, amma a fili mai fuska goma babu hoton da za a nuna, don haka an ƙara hujjar. Ɗauki kowane wuri v a cikin filin. To b − v = e + (p − v). Kashi na biyu yana cikin filin, e kuma tana tsaye cak a kansa, sai ƙa'idar Pythagoras ta ba da ‖b − v‖² = ‖e‖² + ‖p − v‖². Wannan ba zai taɓa gaza ‖e‖² ba, kuma ba ya yin daidai da shi sai v = p. Hujjar ta ba da abu biyu a tare: p ne mafi kusa, kuma shi kaɗai ne.

An kuma sa gargaɗi a kan wata gajeriyar hanya mai ruɗi. Wani zai buɗe (AᵀA)⁻¹ ya rubuta A⁻¹(Aᵀ)⁻¹, sai komai ya soke, P ya zama I, wato matiriks ɗin da ke barin kowace bekta yadda take. Ba a yin haka, saboda A mai jeri 3 da ginshiƙi 2 ba shi da inbas. Buɗewar tana halatta ne kawai idan jeri da ginshiƙan A sun yi daidai kuma yana da inbas, a lokacin kuwa ginshiƙansa sun cika filin gaba ɗaya, inuwar b ita ce b, kuma P = I gaskiya ne.

Talata, 11 ga Fabrairu

An tsayar da misalin da duk sauran gwaje-gwaje za su dogara a kansa. Mun zaɓi lambobin ne yadda amsa za ta fito ba gutsure, domin a iya bin ta da biro.

```
A = [[1, 0],
     [1, 1],
     [1, 3]]        b = (5, 1, 7)
```

AᵀA = [[3, 4], [4, 10]], ditaminan ɗinsa 30 − 16 = 14, inbas ɗinsa kuma 1/14 sau [[10, −4], [−4, 3]]. Aᵀb = (13, 22). Saboda haka lambar farko ta x ita ce (130 − 88)/14 = 3, ta biyu (−52 + 66)/14 = 1. Inuwar ita ce ginshiƙi na farko sau 3 a haɗa da na biyu sau 1, wato p = (3, 4, 6), ragowar kuma e = (2, −3, 1). Da ginshiƙi na farko: 2 − 3 + 1 = 0. Da na biyu: 0 − 3 + 3 = 0. Tsawo ma ya yi daidai: ‖b‖² = 75, ‖p‖² = 61, ‖e‖² = 14.

Cikakken matiriks ɗin:

```
P = 1/14 · [[10, 6, −2],
            [ 6, 5,  3],
            [−2, 3, 13]]
```

Mun sake samo shi ta wata hanya dabam don tabbatarwa. A fili mai fuska uku, abin da ke tsaye cak a kan shimfiɗa layi ne guda, a nan layin n = (2, −3, 1). Inuwa a kan wannan layin ita ce n nᵀ/14, bisa fomular ranar 3. Idan aka ɗebe ta daga I, matiriks ɗin da ke sama ne ke fitowa, gurbi da gurbi: 14 − 4 = 10, 0 + 6 = 6, 0 − 2 = −2, haka har ƙarshe. Wannan shi ne ma'anar cewa I − P ma matiriks ɗin inuwa ne. P yana ba da p, I − P yana ba da e, su biyun kuma sun raba b ba tare da saura ba.

Misalin yana da fuska ta biyu. Idan aka karanta ginshiƙi na biyu a matsayin lokutan awo t = 0, 1, 3, b kuma abin da aka auna, to x = (3, 1) yana nufin miƙaƙƙen layin da ya fi dacewa da awon shi ne 3 + t. Wannan ita ce hanyar ƙaranta jimillar sukwayar kuskure, wadda Legendre ya buga a 1805, Gauss kuma a 1809. Ba mu buɗe mata babi ba, sakin layi ɗaya ya ishe ta a wannan darasin.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Siffofin P. Biyu ne tushe, sauran daga gare su suke fitowa.

Ta farko, P² = P. A rubuce, idan aka jera P sau biyu, AᵀA da ke tsakiya yana soke inbas ɗaya, abin da ya rage shi ne P. A ma'ana kuwa, abin da ya riga ya kwanta a ƙasa inuwarsa shi ne kansa. A misalinmu jeri na farko sau ginshiƙi na farko ya ba da (100 + 36 + 4)/196 = 140/196, wanda shi ne 10/14. Ta biyu, Pᵀ = P, tunda AᵀA daidai yake da juyinsa, inbas ɗinsa ma haka.

Tambayar da ta ci mana yawancin yau ita ce: me kowace siffa take hanawa? Sai aka nemo wa kowace misalin da ya cika ɗaya ya karya ɗaya.

Ga M = [[1, 1], [0, 0]]. M² = M, amma M ba daidai yake da juyinsa ba. Yana kai (1, 3) zuwa (4, 0). Wurin yana kan layin kwance, amma ba shi ne mafi kusa ba: ragowarsa (−3, 3) ce, tsawonta kusan 4.24, alhali inuwar gaskiya (1, 0) ce mai ragowa 3. Ga shi kuma inuwar, mai tsawo 4, ta fi bektar da ta haife ta, mai tsawo kusan 3.16. Inuwar la'asar ke nan. Da Pᵀ = P hakan ba ya faruwa, domin ‖b‖² = ‖p‖² + ‖e‖² ya hana p ta fi b tsawo.

Misali na biyu ya fi haɗari domin mutane suna yin sa da gaske. Mutum ya lissafa inuwa a kan kowane ginshiƙi shi kaɗai, sannan ya tara. A misalinmu inuwar b a kan ginshiƙi na farko ita ce 13/3 sau (1, 1, 1), a kan na biyu kuma 2.2 sau (0, 1, 3). Jimilla ta zo kusan (4.33, 6.53, 10.93), nesa da (3, 4, 6). Dalili shi ne ginshiƙan biyu ba sa tsaye cak a kan juna, ninkinsu na ɗigo 4 ne, don haka ɓangaren b da suka yi tarayya a kansa an ƙirga shi sau biyu. Aikin (AᵀA)⁻¹ a cikin fomula ke nan, cire wannan maimaicin. Abin lura, matiriks ɗin da wannan kuskuren ke bayarwa daidai yake da juyinsa, kuma jimillar dayagonal ɗinsa 2 ce, kamar ta P na gaskiya. Gwajin P² = P ne yake kama shi.

Game da aigenbalu: idan Pv = λv, to P²v = λ²v, kuma tunda P² = P dole λ² = λ, wato λ sifili ne ko ɗaya. Bektocin cikin filin suna da 1, waɗanda ke tsaye cak a kansa suna da 0. Jimillar dayagonal daidai take da jimillar aigenbalu, don haka tana ƙirga fuskokin filin: (10 + 5 + 13)/14 = 2 ga shimfiɗa, 9/9 = 1 ga layin ranar 3. Tunda akwai sifili a ciki, P ba shi da inbas sai in shi ne I. Daga inuwa ba a iya dawo da mai ita: (5, 1, 7) da (3, 4, 6) da (7, −2, 8) duk inuwarsu ɗaya.

An ƙara gwaje-gwaje biyu a kod. A kula, `P * P` gurbi da gurbi yake ninkawa, `P @ P` ake so.

```python
assert np.allclose(P @ P, P)
assert np.allclose(P.T, P)
```

Laraba, 19 ga Fabrairu

Fomular tana ɗauka cewa AᵀA yana da inbas. Yaushe ne hakan yake gaskiya? Amsa: daidai lokacin da babu ginshiƙin A da za a iya haɗawa daga sauran. Hujjar gajeriya ce. In AᵀAx = 0, a ninka da xᵀ ta hagu, a samu ‖Ax‖² = 0, wato Ax = 0. Idan ginshiƙan ba su dogara da juna ba, wannan yana tilasta x = 0.

Don ganin abin da ke lalacewa, an ƙara wa A ginshiƙi na uku, (1, 2, 4), wanda shi ne jimillar biyun farko. Muna kiran wannan A3. Filin bai ƙaru da komai ba, shimfiɗar nan ce dai. Amma A3ᵀA3 = [[3, 4, 7], [4, 10, 14], [7, 14, 21]], jerinsa na uku jimillar biyun farko ne, ditaminan sifili. Abin da ya lalace x ne, ba p ba. Yanzu (3, 1, 0) da (2, 0, 1) da (4, 2, −1) duk suna ba da p = (3, 4, 6). Inuwar tana nan guda ɗaya, hanyoyin rubuta ta ne suka yi yawa.

Wannan ya sa aka ƙara wa darasin wata magana da muka tsallake: P na filin ne, ba na A ba. Idan aka canja ginshiƙai zuwa AC, inda C ke da inbas, duk C ɗin suna sokewa a cikin fomula, P ya fito yadda yake. Don haka muna da 'yancin zaɓen ginshiƙan da suka fi sauƙin aiki, kuma mafi sauƙi su ne masu tsawo 1 da ke tsaye cak a kan juna. In Q ne ke ɗauke da su, QᵀQ = I, fomula ta koma P = QQᵀ.

An gwada da hannu. Na farko q₁ = (1, 1, 1)/√3. A cire wa (0, 1, 3) inuwarsa a kan q₁, wato 4/3 a kowane gurbi, ya rage (−4/3, −1/3, 5/3), don haka q₂ = (−4, −1, 5)/√42. Gurbin farko na q₁q₁ᵀ + q₂q₂ᵀ shi ne 14/42 + 16/42 = 30/42 = 10/14, na ƙarshe 14/42 + 25/42 = 39/42 = 13/14. Sauran ma sun dace. Tara inuwoyi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ba da shirme ranar 13, a nan ya halatta, saboda ginshiƙan ba su da tarayya.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Sigar farko ta kod ta kwafi fomula kai tsaye:

```python
P = A @ np.linalg.inv(A.T @ A) @ A.T
```

A kan misalin ranar 11 ba ta da laifi. An ba ta matiriks ɗin da aka sani da sunan Läuchli, da ε = 10⁻⁹:

```
A = [[1, 1],
     [ε, 0],
     [0, ε]]
```

Ginshiƙan nan biyu ba su dogara da juna ba, a takarda komai lafiya. AᵀA yana da 1 + ε² a dayagonal, 1 a sauran gurabe biyu. Amma ε² = 10⁻¹⁸, kuma a lambobin kwamfuta masu bit 64 tazarar da ke tsakanin 1 da lambar da ke bi masa kusan 2.2 × 10⁻¹⁶ ce. Don haka 1 + ε² yana komawa 1 cif, AᵀA ya zama [[1, 1], [1, 1]], kod ya tsaya da `LinAlgError: Singular matrix`. Bayanin da ya bambanta ginshiƙan yana nan a cikin A, wajen ninka Aᵀ da A ne ya zube.

Ma'aunin wannan matsala shi ne `np.linalg.cond(A)`, wato babbar ƙimar singula a raba da ƙaramar. A nan kusan 1.4 × 10⁹ ne. Na AᵀA kuwa sukwayar wannan ne, kusan 2 × 10¹⁸, wanda ya wuce abin da lambobi goma sha shida za su iya riƙewa. Ƙa'idar da muka rubuta a darasin: in cond(A) ya kai 10ᵏ, hanyar AᵀA tana iya cinye lambobi kusan 2k daga cikin 16.

A ganinmu tsayawar kod ita ce sa'a. Wanda ya fi muni shi ne ε matsakaici, kamar 10⁻⁷, inda ε² bai ɓace duka ba amma lambobi biyu kacal suka tsira daga cikinsa. A nan babu ƙorafi, amsa tana fitowa da kamannin gaskiya. Haka ma ginshiƙan da suka dogara da juna: idan lambobin masu gutsure ne, kuskuren taƙaitawa yakan hana ditaminan zama sifili cif, sai `inv` ya dawo da manya-manyan lambobi maimakon ya tsaya. Duba ditaminan ba ya taimakawa, domin girmansa yana bin ma'aunin lambobin: 0.1 sau I mai jeri 20 yana da ditaminan 10⁻²⁰, alhali ba shi da wata matsala.

An koma QR, wato rubuta A a matsayin Q sau R, inda ginshiƙan Q ke da tsawo 1 kuma suke tsaye cak a kan juna:

```python
Q, R = np.linalg.qr(A)
P = Q @ Q.T
```

Wannan ba ya haɗa AᵀA ko kaɗan. Amsar da ake tsammani ga matiriks ɗin Läuchli ana iya samo ta da hannu, domin bektar da ke tsaye cak a kan ginshiƙan biyu ita ce (−ε, 1, 1), don haka P yana dab da [[1, 0, 0], [0, 0.5, −0.5], [0, −0.5, 0.5]]. Da wannan ake auna abin da QR ya bayar. Fomular (AᵀA)⁻¹ ta ci gaba da zama a darasin don fahimta da lissafin hannu, amma an cire ta daga kod.

Laraba, 26 ga Fabrairu

QR ma yana da nasa rami, kuma gwaje-gwajenmu ba su gan shi ba. An ba sabon kod A3. `np.linalg.qr` ba ya tantance ginshiƙin da ya maimaita wasu. An ba shi uku, sai ya dawo da Q mai ginshiƙai uku masu tsaye cak a kan juna, na ukun ba ya cikin filin A3 sam. Sakamako: QQᵀ = I, "inuwar" (5, 1, 7) ta fito (5, 1, 7). Kuma I ya cika P² = P, ya cika Pᵀ = P. Har Aᵀe = 0 ya cika, tunda e sifili ce. Irin wannan yana faruwa da A na asali ma idan aka sa `mode='complete'`.

Abin da muka gane shi ne siffofin nan biyu suna shaida cewa P inuwa ce a kan wani fili, amma ba sa faɗin wane fili. Sai an ƙara biyu. PA = A yana nuna filin P ya ƙunshi ginshiƙan A. Jimillar dayagonal daidai da rankin A, wato yawan fuskokin filin da ginshiƙansa ke haɗawa, tana nuna bai ƙunshi wani abu fiye da su ba. A matsalar yau jimillar 3 ce, ranki kuma 2.

Alamar tana cikin R: gurbinsa na ƙarshe a dayagonal sifili ne, ko wata 'yar lamba da kuskuren taƙaitawa ya bari. Amma dogaro da dayagonal ɗin R ba tare da sauya jerin ginshiƙai ba ba shi da tabbas, don haka an koma SVD, wanda ke jera ƙimomin singula daga babba zuwa ƙarami:

```python
def tushe(A):
    U, s, _ = np.linalg.svd(A, full_matrices=False)
    iyaka = s.max() * max(A.shape) * np.finfo(float).eps
    return U[:, s > iyaka]
```

Iyakar ita ce wadda `np.linalg.matrix_rank` ke amfani da ita in ba a ba shi wata ba. Ga matiriks ɗin Läuchli ta zo kusan 9.4 × 10⁻¹⁶, ƙaramar ƙimar singula kuma 10⁻⁹ ce, don haka ginshiƙai biyun sun tsira. Ga A3 ta ukun tana faɗawa ƙasa da iyaka, a yar da ita, P ya dawo na ranar 11.

Sai dai wannan iyakar ta kuskuren kwamfuta ce kawai. Idan lambobin A daga awo suka fito, mai kuskure a lamba ta uku bayan ɗigo, ginshiƙin da ya kamata ya zama maimaici zai ba da ƙimar singula wajen 10⁻³, ya wuce iyakar cikin sauƙi, filin ya ƙaru da fuskar da hayaniyar awo ce zalla. Babu lissafin da zai yanke wannan a madadin wanda ya san na'urar awon. Za a bar `iyaka` a matsayin abin da mai kira zai iya bayarwa da kansa.

Talata, 4 ga Maris

An daina haɗa P a cikin kod sai in an nema. P yana da jeri m da ginshiƙi m komai ƙanƙantar filin. Da m = 100,000 gurabe biliyan 10 ke nan, kowane bait 8, jimilla gigabait 80. Q mai ginshiƙai 5 a wannan girman megabait 4 ne kacal. Bambancin duk yana wurin sa baka:

```python
def inuwa(A, b):
    Q = tushe(A)
    return Q @ (Q.T @ b)
```

`Q.T @ b` lambobi 5 ne, sannan a mayar da su sama. In aka cire bakan, Python yana farawa daga hagu, ya yi `Q @ Q.T` tukuna, memori ya cika.

Abu ɗaya daga P da ake yawan buƙata shi ne dayagonal ɗinsa, kuma ana samun sa ba tare da P ba: `(Q**2).sum(axis=1)`. A misalinmu 10/14, 5/14, 13/14. Kowanne yana tsakanin 0 da 1, domin P² = P da Pᵀ = P sun sa gurbin dayagonal ya zama jimillar sukwayar jerinsa: (4 + 9 + 169)/196 = 13/14. Ma'anarsa a aikace ita ce yawan yadda awo ɗaya ke jan inuwarsa. An ƙara 1 a kan awo na uku, b ya zama (5, 1, 8), sai p ya motsa da ginshiƙi na uku na P, wato (−2, 3, 13)/14. Gurbi na uku ya tashi da kusan 0.93, ragowarsa kuwa da 1/14 kawai ta ƙaru. Awon da ke t = 3 ya yi nisa da sauran biyun, layin yana bin sa duk inda ya je, don haka kuskure a wurin da kyar yake bayyana a cikin e. Wanda ke neman gurɓataccen awo ta hanyar duba babbar ragowa ba zai kama wannan ba. A t = 1 kuwa, ƙarin 1 yana barin 9/14 a ragowa.

Abin da ya rage a buɗe shi ne ninkin inuwoyi biyu. Gwajin farko: P₁ a kan layin (1, 0), P₂ a kan layin (1, 1). P₁P₂ = [[0.5, 0.5], [0, 0]], sukwayarsa kuma [[0.25, 0.25], [0, 0]], don haka ba inuwa ba ce. Sharaɗin da za a rubuta wa hujja shi ne P₁P₂ = P₂P₁, kuma misalin da za a fara da shi yana hannu: layin (1, 1, 1) yana cikin shimfiɗar ranar 11, kowane jerin P ɗinta kuma yana taruwa ya ba da 14/14.